Fayil ɗin bashi da hanyoyin ceto shi

"Maigida, jiya ina cikin shigar da lissafin wata makaranta a Excel aka ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu, aikin kusan awa ɗaya ya tafi. Na ga wani abu a can sama an rubuta AutoSave amma ya ƙi kunnuwa. In na samu ya kunnu, shi ke nan na huta da asarar aiki?"

Ba ka huta ba. Kuma aikin naka na jiya da wuya a ce ya tafi duka, kai ne ba ka san inda ake nemansa ba. Ku yaran yanzu da zarar allo ya yi baƙi sai ku ɗora hannu a ka, alhali abin yana nan ƙarƙashin hancinku.

Abu biyu kake haɗawa wuri ɗaya. AutoSave ɗin da ka gani a kusurwar hagu ta sama ba ya aiki sai fayil ɗin yana zaune a OneDrive ko SharePoint, shi ya sa ya ƙi kunnuwa, don naka yana kan kwamfutar shago ne. Wanda yake yi maka aiki a ɓoye sunansa AutoRecover. Shiga File, Options, Save. Za ka ga an sa yana ɗaukar kwafi duk minti 10, haka yake zuwa. A inda wuta ba ta da tabbas minti 10 ya yi yawa, mayar da shi 3. Kada ka ce za ka sa 1 don nuna wayo, in fayil ɗin babba ne za ka ga kwamfutar tana ɗan tsayawa kowane lokaci kana tsakiyar rubutu. A ƙasansa akwai akwatin da ya fara da Keep the last, tabbatar akwai alama a ciki, shi ne yake riƙe maka kwafi in ka rufe ba ka yi sebin ba.

In wuta ce ta tafi, da ka sake buɗe Excel za ka ga Document Recovery a gefen hagu, da jerin fayiloli da lokacin kowanne. Duba lokacin, buɗe na ƙarshe, ka yi masa Save As da sabon suna kafin ka taɓa komai. Yawancinku wannan wurin kuke rufewa ba ku karanta ba. In kuwa da hannunka ka danna Don't Save, hanya biyu ce. Sabon fayil da bai taɓa samun suna ba, je File, Info, Manage Workbook, Recover Unsaved Workbooks. Wurin da yake ajiye su ke nan:

```
%LocalAppData%\Microsoft\Office\UnsavedFiles
```

Kwana 4 suke yi a can, daga nan a share su. Kuma in ka rufe kafin lokacin ɗaukar kwafi na farko ya cika, babu abin da za ka tarar. Fayil da yake da suna tun da, buɗe shi kansa za ka yi, ka je File, Info, a wajen Manage Workbook za ka ga kwafi mai rubutun when I closed without saving. Kula da Restore, don yana danne wanda ke nan ne. Ka fara duba abin da ke ciki.

To duk wannan maganin ɗauke wuta ne da mantuwa. Ba shi ne yake kashe kasuwa ba. Abin da yake kashe kasuwa shi ne ɓarnar da aka yi da hannu sannan aka yi mata sebin, kuma tambayarka ta tuna mini da wani ɗan kasuwa da har gobe in na tuna shi raina yake ɓaci.

Mutumin nan dillalin kayan masarufi ne, yana ba masu ƙananan shaguna kaya bashi. Aka tsara masa fayil ɗin bashi a shagon nan: layin A lambar mutum, B sunansa, C kayan da ya karɓa, D abin da ya biya, E saura. Ranar da aka miƙa masa mutum 210 ne a ciki. Aka ce ya riƙa ajiye kwafi kullum, ko ya turo yaro duk mako a yi masa. Ya ce wannan dabarar cin kuɗi ce, ai kwamfuta ba ta mantuwa. Ya biya rabin kuɗin aiki, ya ce sauran sai ya ga yadda abin yake tafiya.

Bayan wata biyu ya ɗora ɗan ƙanwarsa a kan kwamfutar. Yaron ya ga sunaye a hargitse, ya ce bari ya jera su. Ya danna kan B, ya danna Sort A to Z. Excel bai yi shiru ba, ya fito da gargaɗi mai zaɓi biyu, Expand the selection da Continue with the current selection. Na farkon yana tafiya da kowane suna tare da lissafinsa. Na biyun sunaye kaɗai yake jerawa, ya bar kuɗi a inda suke. Yaro ya zaɓi na biyu, ya ga sunaye sun jeru gwanin sha'awa, ya danna Ctrl+S ya rufe.

Ka lura da abin da ya sa ba a gane ba. Jimillar bashi da ke ƙasa ko kobo ba ta canja ba, don babu adadin da aka taɓa, mai shi kawai aka sauya wa kowanne. Babu saƙon kuskure, babu jan rubutu. Ranar Litinin aka yi wannan. Talata da Laraba ana ta karɓar kuɗi, ana neman suna, ana rubutawa a gabansa, wato a lissafin wani. Sai ranar Alhamis wata mai shago da ta san N18,000 ake bin ta ta zo biya, aka ce mata N260,000 ne. Nan aka tashi hankali.

Yanzu ka lissafa abin da zai iya cetonsa. Ctrl+Z ya mutu tun da aka rufe fayil ranar Litinin. AutoRecover ba ruwansa, don a wajensa babu abin da ya ɓata, an yi sebin lafiya an rufe lafiya, shi kuma in aka yi haka share kwafinsa yake yi. Da AutoSave ɗin da kake ɗoki yana kunne, ɓarnar za ta shige cikin daƙiƙoƙi tun kafin yaron ya ɗaga hannu. Abin da zai taimaka a can shi ne Version History da ke File, Info, inda za ka koma kwafin safiyar Litinin, amma shi ma sai fayil yana OneDrive, nasa kuwa ba ya can.

Akwai wani da nake kunna wa kowane fayil mai muhimmanci, har da nasa. Danna F12, a ƙasa kusa da Save akwai Tools, sai General Options, ka sa alama a Always create backup. Daga nan duk sanda ka yi sebin, Excel zai mayar da tsohon ya zama fayil mai suna Backup of da sunan naka, ƙarshensa .xlk, a cikin folda ɗaya. In za ka buɗe shi yana iya yin gargaɗi, ka danna Yes. Kowane fayil sai an kunna masa nasa. Amma ka san iyakarsa: taki ɗaya yake bayanka. Da an gane ɓarnar ranar Litinin kafin a sake sebin, da minti biyu sun isa. Sebin na gaba shi ya danne mai kyan da lalataccen. Kuma tunda folda ɗaya suke, in kwamfutar ta ƙone ko aka sace ta, tare za su tafi.

Abin da ya cece shi kwafin ranar miƙa aiki ne da ke ajiye a shagon nan, wanda bai biya ko sisi a kansa ba. Tunda B kaɗai aka jera, lambar da ke A tana nan manne da kuɗinta. Aka kwaso tsohon kwafin aka sa a wani shafi mai suna Tsoho, a sabon layi aka rubuta:

```
=VLOOKUP(A2,Tsoho!A:B,2,FALSE)
```

Aka ja shi har ƙasa, kowace lamba ta dawo da sunan mai ita. Mutum 210 suka koma wurinsu. Sauran 50 da aka ƙara a cikin wata biyun nan suka nuna #N/A, don tsohon kwafin bai san su ba, su sai da aka bi rasit ɗaya bayan ɗaya. Haka kuɗin Talata da Laraba, sai da aka cire kowanne daga inda aka sa shi aka mayar wa mai shi. Wasu rasit ɗin ba a same su ba, kuma mai cin bashi in ya ji littafi ya rikice ka san abin da zai ce. Bayan an gama, mutumin nan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce tsarinmu ne ba shi da kyau, ya hana cikon kuɗin farko, ya hana na gyara, har yana ɓata mu a kasuwa. Allah ya isa kawai na ce. Da akwai kwafin daren Lahadi, da babu mutum 50, babu bin rasit na wata biyu.

Saboda haka ga yadda za ka riƙa yi a shagon nan, ba shawara ba ce. Kullum kafin a tashi, rufe fayil ɗin, ka kwafe shi, ka sa wa kwafin kwanan wata, shekara a gaba, kamar Bashi_2025-03-14, don su jeru da kansu. Kada na sake ganin sabo, sabo2, na ƙarshe, na ƙarshe sosai. Riƙe na kwana 7 da suka wuce da na ƙarshen kowane wata, don ka ga ɓarnar Litinin sai Alhamis ta fito, wata ma sai an zo rufe lissafin wata. Kwafi ɗaya a kan filashi, ɗaya ka tura imel ko OneDrive, wanda na kyauta ma gigabait 5 yake bayarwa, ya ishi fayilolin lissafi har su yi yawa. Filashin ajiya ba a aiki a kansa, ba a ba kwastoma aro, ba ya kwana a jikin kwamfuta. Abin da ka goge a filashi ba ya zuwa Recycle Bin, ka riƙe wannan. Sannan kafin ka yi Sort, ko ka goge shafi sukutum, ko ka yi Replace All, ɗauki kwafi tukuna. Goge shafi Ctrl+Z ba ya dawo da shi. In fayil yana OneDrive da AutoSave a kunne, Save a Copy ake yi kafin a fara gwaji, ba bayan an gama ba.

Kuma kwafin da ba ka taɓa buɗewa ba kada ka dogara da shi. Duk Asabar buɗe ɗaya daga filashin, ka duba jimilla, sannan ka ɗauki mutum uku da ka san lissafinsu ka ga ko suna da kuɗi sun dace, tunda ka ji jimilla kaɗai ba ta tona asiri. In ya ƙi buɗewa, je File, Open, Browse, zaɓi fayil ɗin, danna ƙaramar kibiyar da ke jikin Open, ka zaɓi Open and Repair. Fara da Repair, in bai yi ba ka koma Extract Data.

Yanzu tashi ka kunna kwamfutar da kake aikin makarantar nan a kanta. In Document Recovery bai fito ba, buɗe fayil ɗin ka duba Manage Workbook, in ma babu ka leƙa foldar da aka rubuta a gaban AutoRecover file location a Options, Save, sannan ka zo ka gaya mini lokacin da ke jikin kwafin ƙarshe.