Yaushe Ake Sa Wa Nama Da Kayan Lambu Gishiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni amarya ce a nan Jidda, muna zaune tare da uwar mijina. Ita ta ce kada in sa wa nama gishiri sai ya kusa nuna, domin gishiri yana tsotse ruwansa ya bar shi da tauri. Maƙwabciyarmu kuma tun dare take sa wa nata, kuma namanta laushi gare shi. Ni na sa wa naman rago gishiri kamar minti 15 kafin in soya, sai kaskon ya cika da ruwa, naman ya ƙi yin ja. Haka bazinjan ɗina, wato babban yalon nan da ake soyawa, yake shanye mai. Wace ce mai gaskiya a cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da zaman lafiya. Inna ta ga abin da ta gani, maƙwabciyarki ma haka. Ke ce kika faɗa tsakiya, kuma tsakiyar nan ita ce wurin da ba a so. Minti 15 shi ne kusan mafi munin lokacin da za a ɗora naman da aka sa wa gishiri a wuta.

Ki gwada wannan da idonki. Ki yanki tsoka ɗaya, ki goge ta da kyalle mai tsabta har ta bushe, ki barbaɗa mata gishiri, ki ajiye a faranti. Bayan minti 3 ko 4 za ki ga ɗigon ruwa ƙanana sun tsatsafo kamar gumi a goshi. Kafin minti 15 ɗigon sun haɗe, naman yana ƙyalli, har ruwa ya ɗan kwanta a ƙarƙashinsa. Kusan kashi 70 zuwa 75 cikin 100 na tsoka ruwa ne, kuma yana ƙunshe cikin ƙwayoyin halitta masu siririyar fata. Da gishiri ya narke a bayan naman, sai waje ya fi ciki gishiri nesa ba kusa ba, shi kuwa ruwa ɗabi'arsa ce ya ratsa wannan fata ya nufi ɓangaren da ya fi gishiri. Masana kimiyya suna kiran wannan osmosis. Wannan shi ne abin da Inna ta gani, kuma gaskiya ne.

Amma kada ki tashi, ki ci gaba da kallon farantin. Ruwan da ya fito ya narkar da gishirin, ya zama ruwan gishiri mai ƙarfi, kuma gishirin ya fara kutsawa cikin tsokar a hankali. Idan ya shiga, yakan sassauta furotin ɗin da ke ɗaure da zaren tsoka, sai zaren ya ɗan kumbura ya samu wurin riƙe ruwa. Wajen minti 45 zuwa awa ɗaya za ki ga yawancin ruwan ya koma ciki, naman ya ƙara duhu, bayansa ya yi danƙo-danƙo maimakon jiƙa. Idan ya kwana a firji a haka, gishirin zai yi nisa zuwa ciki, bayan ya bushe sarai. Irin wannan nama idan ya ji wuta ba ya matsewa ya zubar da ruwansa kamar wanda ba a taɓa ba. Abin da maƙwabciyarki take ci ke nan.

To me ya sa naki ya ƙi yin ja? Ruwa ba ya wuce zafin digiri 100, komai ƙarfin wutar da ke ƙarƙashinsa, shi kuwa jan nan mai ƙamshi da muke nema a suya ba ya kankama sai bayan naman ya kai wajen digiri 140. Muddin akwai ruwa a kasko, dafuwa naman yake yi ba soyuwa ba. Kafin ruwan ya ƙone, cikin naman ya riga ya wuce nuna ya yi tauri, launinsa ya koma toka-toka. Alamar a kunne take: naman da ke soyuwa ƙara yake yi "caaa" mai kaifi, wanda ke dafuwa kuwa ɓararraka yake yi, tururi na tashi.

Ga yadda zan yi da kilo ɗaya na naman rago, ko sawakni ne ko na'imi, idan suya ko gashi nake nufi. Da dare bayan isha'i zan yanka shi, in tsane shi sosai idan na wanke, in auna gishiri giram 10, wato kashi ɗaya cikin 100 na nauyin naman. Cokalin shayi shafaffe na gishiri mai laushi yana ɗaukar kusan giram 6, don haka cokali ɗaya da rabi ya isa. Idan za ki sa dunƙulen ɗanɗano ko yajin tsire daga baya, ki rage zuwa cokali ɗaya, domin su ma gishiri ne cike da su, kuma nan ne mata da yawa suke zarce hannu ba su sani ba. In cuɗa naman da gishirin, in baza shi a tire ba tare da ya hau kan juna ba, in sa a can ƙasan firji inda ba zai ɗiga wa komai ba. Firji fa, 'yata. Wannan ɗan gishiri ba ya hana nama lalacewa, kuma kin san zafin Jidda da laimarta. Washegari in dasa kasko ya yi zafi, in zuba naman kashi biyu ko uku, ba duka a lokaci guda ba. Cika kasko ma kaɗai yana sa nama ya yi ruwa ko da ba a sa masa ƙwayar gishiri ba.

Idan baƙi ne suka yi sallama ba ki da awa guda, to ki bi hanyar Inna ta wani fanni: ki bar naman ba gishiri har mai ya yi zafi, ki barbaɗa, ki jefa nan take kafin ruwa ya tsatsafo. Zai yi ja da kyau, sai dai gishirin a baya zai tsaya, ciki ya ɗan yi lami. Hanta da ƙoda kuwa kullum haka nake musu, ko ma sai sun kusa sauka, domin ba su da jimirin jira kuma ba sa son daɗewa a wuta.

A tukunya kuma, wato tafashen naman miya ko na kabsa, maganar tauri ba ta taso ba. Ruwan da kike gani nama yana fitarwa idan an rufe shi da albasa, zafi ne ya matse tsokar, ko da gishiri ko babu sai ya fita. Abin da ke sa naman tukunya laushi shi ne lokaci da wuta mai sauƙi, har jijiyoyinsa su narke. Ni tun farko nake sa rabin gishirin domin ya shiga naman, in bar sauran sai romo ya ja na ɗanɗana. Wanda aka dafa ba gishiri aka sa daga ƙarshe, romonsa ne kawai zai ji, tsokar kuwa salam. Inda gishiri yake sa tauri da gaske shi ne idan ya yi yawa kuma ya yi kwanaki, kamar naman da ake son busarwa. Niƙaƙƙen nama ma yana da nasa hali: gishiri da murza suna sa shi danƙo ya kama jikinsa, abin da ake so ga kofta don kada ta faɗo daga tsinke, amma idan warwasasshe kike so na cikin sambusa, sai ya fara soyuwa ki sa.

Wani abu da nake yawan gani a nan: kazar da aka sayo a daskare. Ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin tsoka, don haka tana narkewa sai ruwa ya yi ta zuba. Wannan ba laifin gishiri ba ne. Ki bar ta ta narke a firji, ki zubar da ruwan, ki goge ta, sannan ki sa gishiri.

Yanzu kayan lambu, inda lissafin ya sha bamban. Su ba su da irin furotin ɗin tsoka da zai sake kama ruwa. Abin da ke sa kokwamba ko kabeji ƙaras-ƙaras shi ne ruwan da ya cika ƙwayoyinsu tam, kuma idan gishiri ya jawo shi, ya fita ke nan, ba ya komawa. Saboda haka abin da za ki tambayi kanki shi ne: ina nake son ruwan nan ya zuba, a kwando kafin girki, ko a cikin abincin?

Bazinjan ɗinki cikinsa kamar soso yake, ramukan iska ne birjik, su ne suke zuƙe mai. Idan maƙluba za ki yi ko salatarsa, ki yanka shi da kaurin ɗan yatsa, ki barbaɗa shafaffen cokalin shayi ɗaya na gishiri ga rabin kilo, ki zuba a kwando mai huji na minti 30 zuwa 45. Za ki ga ruwa mai launin shayi yana ɗiga, yankan ya yi laushi har yana lanƙwasuwa ba ya karyewa. Ramukan sun rufta ke nan. Ki ɗauraye shi da sauri, ki matsa tsakanin tafukanki, ki goge shi ya bushe. Wannan gogewar kada ki tsallake ta, in ba haka ba mai zai yi ta fallatsi kuma bazinjan ɗin ba zai yi ja ba. Mai kuma ya yi zafi sosai kafin ki saka, domin man da bai yi zafi ba shi ne ya fi shiga.

Kokwamba kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ce. Idan da yogot za ki haɗa ta, ki sa mata gishiri a kwando minti 20 ki matse, sai haɗin ya tsaya da kaurinsa. Amma salatar tumatir da kokwamba da ake ajiyewa gefen shinkafa, sai an shimfiɗa ledar cin abinci an zauna sannan ki sa gishiri da lemun tsami. Na sha ganin an haɗa ta tun la'asar don walimar dare, a buɗe kwano a tarar da kayan suna iyo, ganyen ya yi yaushi.

Albasa kuwa ta danganta da abin da kike nema. Ta sanwar kabsa, wadda ake son ta narke ta ɓace cikin miya, ɗan gishiri tun tana shiga mai yana fito da ruwanta, ta yi laushi da wuri ba tare da ta ƙone ba. Wadda za a soya ta yi ja ta yi ƙarau a watsa a kan shinkafa, kada gishiri ya taɓa ta a cikin kasko, sai kin tsame ta ta tsane a kan takarda.

Game da Inna, ba sai kin yi mata gardama ba. Ranar da za ki soya nama, ki ware 'yan tsoka biyar ki sa musu gishiri tun dare, sauran ki yi yadda ta koya miki, ki soya su daban-daban a kasko mai zafi, ki kai mata duka biyun a faranti ɗaya ta ɗanɗana.