Me zan rubuta a tallan kayan wasan yara?

"Ina sayar da kayan wasan yara ta WhatsApp, me zan rubuta ƙarƙashin hoto?"

Fara da shekaru, 'yar'uwa. Rubuta ƙarara: "Shekara 3 zuwa sama. Roba ce mai tauri. Akwai ƙananan sassa, yaro ƙasa da shekara 3 zai iya shaƙewa." Kwafo daga kwali. Idan akwai jan da'ira da "0-3" an soke shi, kada ki rubuta "na jarirai".

Abin da ya fi damuna shi ne batir ɗin nan mai kama da maɓalli. Idan yaro ya haɗiye, cikin awa 2 yana iya ƙona maƙoshinsa. Na taɓa sarin motoci masu waƙa, murfin batirin da farce yake buɗewa, sai na mayar. Duba ko da ƙusa aka ɗaure murfin, sannan ki faɗa a tallan.