Irƙus-sus: babbar leda ko ƙananan ƙulli?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon magungunan Musulunci a Wunti, Bauchi. Hunturu ya ƙarato, ina so in saro irƙus-sus mai yawa, don masu tari da gyambon ciki suna nemansa. In zuba shi a leda giram 250, ko in ƙulla ƙanana? Wani ya ce mini yana tayar da hawan jini.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ƙulla ƙanana. Wanda ya yi maka maganar hawan jini gaskiya ya faɗa, kuma maganar tasa ce za ta yanke girman ƙullin.

Irƙus-sus saiwa ce mai zaƙi, kuma zaƙin daga wani sinadari yake, gilisirizin. Saiwar tana taushe maƙogwaro, tana sassauta majina, tana kuma kwantar da ƙwannafi. Amma idan gilisirizin ya daɗe a jiki, yakan sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta riƙa zubar da fotasiyom a fitsari. Gishiri da ruwan su ke ɗaga jini. Fotasiyom kuwa da shi tsoka da zuciya ke aiki, kuma adadinsa a jinin mai lafiya bai wuce 3.5 zuwa 5.0 ba a ma'aunin asibiti. Da ya faɗi ƙasa, sai a ga kasala, ɗaurewar tsoka, kumburin ƙafa, ciwon kai, bugun zuciya ya rikice.

Mu yi lissafi. A shekarar 2003 kwamitin masana abinci na Tarayyar Turai ya ce miligiram 100 na gilisirizin a rana shi ne iyakar da yawancin manya za su iya sha a kai a kai. Saiwa mai kyau tana da aƙalla kashi 4 cikin 100, wato giram 1 na ɗauke da miligiram 40. Giram 2 da rabi ke nan ya cika iyakar. Wanda ya sayi ledar giram 250 ba shi da sikeli a gida, da cokali zai ɗiba, kuma abu mai zaƙi ba a yi masa rowa. A ce giram 6 yake sha kullum: ya ninka iyakar fiye da sau biyu, ledar kuma za ta kai shi kusan mako shida. Ba ranar farko ake ganin illar ba, sai an yi mako ɗaya ko biyu, shi ya sa mai sha ba ya zargin shayin. Ko ya daina, jinin kan ɗauki makonni kafin ya daidaita. Likita dai zai tambaye shi me yake sha, a wane shago ya saya.

Ka sayi ƙaramin sikeli irin na masu gwal. Kowane ƙulli giram 1 da rabi, a jiƙa a tafasasshen ruwa mililita 150, a sha safe da yamma. Giram 3 ke nan a rana, ya ɗan haura iyakar, shi ya sa ba za a wuce mako guda ba. Ƙulli 14 a fakiti, giram 21, na mako guda. Kilo ɗaya zai ba ka fakiti 47 maimakon leda 4. Mu ɗauka ka sari kilon naira 12,000: saiwar da ke cikin kowane fakiti ta tashi kusan naira 255, sai ka ɗora kuɗin leda, takarda da aikin yaron shago. Ribar kilo ta fi yawa a haka, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Kada ka yi kasuwa da mai dawowa kowace Juma'a. Wanda ya zo karo na uku a jere, ka tura shi asibiti. Tarin da ya kai mako biyu gwajin tarin fuka yake buƙata, baƙin bayan gida ko aman jini kuma ya fi ƙarfin shayi.

Akwai waɗanda ba za ka sayar wa ba ko sun nace: mai hawan jini, mai ciwon zuciya, ƙoda ko hanta, mace mai ciki, da yara. Ka koya wa yaron shagonka ya tambayi maganin da mutum ke sha. Lasis da yawancin ƙwayoyin sa fitsari dama suna zubar da fotasiyom, haka firedinisolon da desametazon. Mai shan digozin, maganin zuciya, kuwa, raguwar fotasiyom na iya mayar masa da maganin guba. Da yawa ba su san suna da hawan jini ba, don haka na'urar awon jini a kan kanta ba asarar kuɗi ba ce. Wanda ya nuna 140 bisa 90 ko sama, ka ba shi zuma maimakon saiwar.

Wajen sari, ka karɓi saiwa sanda-sanda, ka niƙa da kanka, domin gari ne ake yi wa algus. Ta gaskiya bayanta ruwan ƙasa ne, cikinta rawaya mai zare-zare. Ka lura kada a haɗa maka da saiwar idon zakara, wadda ita ma tana da ɗan zaƙi, ƙwayarta kuma guba ce. Ranar da ka manna wa fakiti sunan shagonka za ka kai shi Gombe ko Azare, ya zama kayan da sai da rajistar NAFDAC, kuma ka rubuta awo, kwana bakwai da waɗanda aka hana a jikin takardar da Hausa.