Kuɗi ɗaya, yunit ya ragu: mita ce ke cin wutata?

Tambaya: Na turo hotunan rasit uku na katin wuta da na saya a waya. Ranar 2 ga Maris na biya 10,000 aka ba ni yunit 40, ranar 14 ma haka, amma ranar 27 kuɗi ɗaya ya ba ni 32 kacal. Nawa nake sayen yunit, kuma nawa gidana ke sha a wata? Wani mai gyaran wuta ya ce mitar ce ke gudu, zai zo ya rage mata. Hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, kuma kada ki bari ya taɓa mitar nan.

Kuɗin yunit ɗaya shi ne abin da aka biya a raba da yawan yunit. A rasit biyu na farko, 10,000 ÷ 40 = 250. Na uku kuwa 10,000 ÷ 32 = 312.5. Sai dai ki duba ƙasan rasit na ukun, layin da aka rubuta `Arrears`: an cire 2,000 na tsohon bashi. Ke nan 8,000 ne ya sayi wuta, kuma 8,000 ÷ 32 = 250. Farashi bai motsa ba, bashi ake cire miki. Idan ba ki san da bashin ba, ki je ofishin kamfanin wuta da lambar mitarki su fito miki da asalinsa a rubuce. Wani lokaci na wanda ya zauna a gidan kafin ke ne. Kada ki yi mamaki in farashin da aka buga a rasit bai kai 250 ba, sau da yawa kafin a ɗora haraji ne.

Batun wata kuma, kada ki haɗa 40 da 40 da 32 ki ce kin sha 112 a Maris. Rasit yana nuna abin da aka saya ne, ba abin da aka ƙona ba. Yunit 32 na ƙarshe yawancinsu Afrilu za su shiga. Ki ajiye sayen ƙarshe gefe, ki haɗa na baya, su ne 80. Daga 2 zuwa 27 ga wata kwana 25 ne, 80 ÷ 25 = 3.2 a rana, wato kusan yunit 96 a kwana 30, kimanin 24,000 ban da bashi. Wannan lissafi yana tsayawa ne kawai idan kullum sai wuta ta kusa ƙarewa kike saye. Wanda ya fi shi tabbas: ɗauki hoton ragowar yunit a fuskar mita ranar 1 ga wata, ki ƙara duk abin da kika loda a cikin watan, ki cire ragowar ranar ƙarshe. Na ce wanda kika loda, domin katin da aka saya ba a shigar ba bai shiga lissafi.

Yanzu ga maganar "mita na gudu", wadda ba ranar da ba na jin ta. A irin mitar da ake loda wa yunit, ita ba ta san kuɗi ba sam. A na'urar kamfani ake cire haraji da bashi, a raba sauran da farashi, sannan a kulle yawan yunit cikin lambobi 20 ɗin da aka turo miki. Tun kafin ki danna lamba ta farko an riga an yanke cewa 32 ne. To ta ina mitar da ke rataye a bango za ta rage abin da aka ƙayyade kafin ya iso gare ta? Wanda ya dubi rasit ya ce laifin mita ne, ko bai san aikin ba, ko kuɗinki yake so.

"Ragewar" da yake nufi kewaye mita ce da waya. Da ya buɗe murfin, mitoci da yawa suna gane an taɓa su, su yanke wuta, kuma ba za ta dawo ba sai kamfani ya ba da wata lamba ta musamman. A nan asiri ke tonuwa. Tara ke za a ci, ba shi ba, a kuma ƙiyasta miki wutar da ake zaton kin sha. Mafi muni, wayar da aka murɗa da hannu a bayan mita zafi take yi a hankali idan an ɗora mata kaya masu nauyi, har robar ta narke, gobara ta tashi cikin dare. A kan 2,000 da ke rubuce a takarda ƙuru-ƙuru!

In har yanzu zuciyarki ba ta natsu ba, gwajin ba ya buƙatar sukundireba. A fuskar mita akwai ƙaramar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta wani abu kamar `1000 imp/kWh`, ma'ana ƙiftawa 1000 yunit ɗaya ne. Kashe komai na gidan har firji, fitilar ta kamata ta tsaya. Idan ta ci gaba da ƙiftawa, wuta na zurarewa a wayarin gida ko wani ya ja daga layinki. Sannan ki kunna hita mai wat 1000 ita kaɗai na minti 6: ya kamata ki ga ƙiftawa wajen 100, yunit 0.1 ya ragu. Ɗan bambanci ba komai ba ne, ƙarfin wuta na hawa da sauka. Idan ya kai ninki, ki kai ƙorafi a rubuce tare da hotunan, kamfani ya turo ma'aikacinsa ya gwada ta.