Gem mai wuya da ba ya cuta: da wanne zan fara?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na fi shekara goma ina buga gem, na gama Dark Souls III da Bloodborne da Elden Ring a PS4 ɗina. Yanzu ina neman wanda zai gasa mini aya a hannu, na faɗa ko irin waɗanda in ka mutu ka koma farko, amma ban son na cuta, wanda za a kashe ka ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Me za ka ba ni? Daga wani mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara da Sekiro: Shadows Die Twice, wanda kamfanin FromSoftware ya fitar a 2019. Ma'aunin da nake auna adalcin gem da shi guda ɗaya ne: in an kashe ni, kafin allo ya dawo, zan iya faɗin abin da ya kashe ni da maɓallin da ya kamata in danna? In zan iya, laifina ne, gem ɗin ya fita. In na mutu sau biyar a wuri ɗaya ban iya faɗa ba, to ko dai ban lura ba, ko kuma gem ɗin macuci ne. Sekiro ya fi duk wanda na sani cin wannan jarrabawa.

Sai dai gwanintarka ta baya ita za ta fara kayar da kai. Hannunka ya saba da mirginawa, ka kauce, ka sari bos sau biyu, ka ja da baya. A nan wannan ɗabi'a ba ta ciyar da kai gaba. Kowane abokin gaba yana da ma'auni biyu: na jini, da wani da gem ɗin ke kira Posture, wato ƙarfin tsayuwarsa. Idan ka danna L1 daidai lokacin da takobinsa zai sauka a kanka, ka kaɗe saran ke nan, ma'aunin tsayuwarsa ya hau. Da ya cika, jan ɗigo zai fito a jikinsa, ka soke shi ko da jininsa bai ƙare ba. In ka ja da baya kana huci, ma'aunin sai ya sauka, aikin baban giwa. Ba kuma a tara maki a ƙara ƙarfi yadda ka saba, ba a kiran wani ya taya ka. Kai ne da takobinka.

Inda za ka gane abin da nake nufi shi ne saman gidan sarautar Ashina, wajen Genichiro. Ni kwana uku na yi a kansa. Daren farko ina ta zagaye shi kamar mai tsoron kare, shi kuwa yana ɗirka mini kibau. Da na ja gefe zan sha magani, sai ya ɗana baka ya harbo, maganin ya tafi a banza. Na ajiye hannun gem ina cewa cuta ce. Washegari na daina neman cin nasara, na tsaya kawai ina kallon abin da yake yi, sai na ga mutumin ba ya ɓoye komai.

Ka matsa masa ka sare shi da R1, sau ɗaya ko biyu. Zai tare. Can za ka ji ƙarar ƙarfe ta canza, ta yi kaifi, tartsatsi ya yi yawa: ya kaɗe naka ke nan, layi ya koma kansa. Ka daina sara, ka jira nasa ka kaɗe. Faɗan gaba ɗaya karɓa-karɓa ne irin wannan, kamar kiɗan ƙwarya. Idan kuma jan harafi ya haska a saman kanka, abin da ke zuwa ba ya taruwa da riƙe L1 kawai, sai ka dubi jikinsa. In ya ja takobi baya ya miƙo tsininsa, suka ce: ka danna maɓallin kaucewa kana fuskantarsa, sai ka take takobin da ƙafa. Wannan shi ne Mikiri Counter, kuma sai ka saye shi da makin fasaha tun da wuri, kada ka hau can ba ka da shi. In kuwa ya sunkuya ya kawo sara ta ƙasa, shara ce: ka yi tsalle, ka sake danna tsalle ka taka kansa. Duka biyun suna cika ma'auninsa da yawa. Wanda ya yi Mikiri a kan shara zai sha sara, kuma ya san dalili. Bayan ya yi tsalle ya caka takobi ƙasa, ɗaya daga cikin biyun nan ke biyowa, don haka kada ka yi saurin danna komai, ka ga kafaɗarsa tukuna.

Akwai wani abu da mutane ke mantawa: saurin saukar ma'aunin tsayuwa ya dogara da jinin da ya rage. Bos mai cikakken jini nan da nan yake farfaɗowa. Shi ya sa a farkon faɗa kake neman ƙananan sara da za su taɓa jikinsa, in jinin ya yi ƙasa sai ka koma kaɗewa zalla.

Ka soke shi sau biyu, ka ɗauka an gama, sai ya tuɓe sulke ya dawo da tsawa. Nan ma ba a yi maka kwanton ɓauna ba. A ɗakin horo da ke ƙasan rufin akwai rubutu a rataye a bango da ke bayyana maganin: ka yi tsalle tsawar ta same ka a sama, ka danna R1 kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa, ta koma kansa. Ni na wuce rubutun ban karanta ba, na sha wuta har sau huɗu kafin na koma na duba.

Kafin ka zargi gem ko hannunka, ka duba talabijin ɗinka. Tazarar da ake ba ka ta kaɗe sara ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, kuma in kana ta danna L1 barkatai tazarar ƙara tsukewa take. Talabijin da yawa suna gyara hoto kafin su nuna shi, wannan gyaran kuwa yana iya cinye rabin tazarar. Alamarsa ita ce ka rantse ka danna a kan lokaci amma kullum a makare kake. Ka shiga saitin hoto ka kunna Game Mode. Na taɓa ganin wani yaro a wani gidan gem da ke wajen Zoo Road yana ta dukan gwiwa, mai gidan ya zo ya canza wannan saiti ɗaya, a gwaji na uku yaron ya wuce wurin. In ka gama gem ɗin ka ji bai ishe ka ba, akwai ƙararrawar da ake kaɗawa a haikalin Senpou da ke ƙara wa maƙiya ƙarfi, kuma a zagaye na biyu kana iya mayar wa Kuro, yaron da kake karewa, layarsa, daga nan duk saran da ka tare ba ka kaɗe ba sai ya rage maka jini.

Sai ɓangare na biyu, waɗanda in ka mutu ka koma farko, waɗanda ake kira roglaik, sunan da ya samo asali daga wani tsohon gem mai suna Rogue na 1980. A nan maganar adalci ta ɗan bambanta, domin akwai sa'a a ciki: ɗakuna da makamai suna canzawa kowace fita. Mai adalci shi ne wanda sa'a ke canza hanya amma dokoki ba sa canzawa.

Hades na kamfanin Supergiant, wanda ya fito cikakke a 2020, zai yi maka sauƙi da farko, kada ka raina shi. Ainihin wasan yana farawa ne bayan ka tsere daga lahira karon farko, lokacin da Pact of Punishment ke buɗewa, inda kai da kanka kake zaɓar irin wuyar da za a ɗora maka, kowace da makin zafinta. A ganina ba dukkansu ne suka cancanci lokacinka ba. Hard Labor ƙara wa dukan maƙiya ciwo kawai yake, kashi 20 cikin ɗari a kowane mataki, faɗan bai canza ba. Extreme Measures kuwa sabon faɗa yake ba ka: a matakin farko 'yan'uwan nan mata uku da ke tsaron ƙofar Tartarus, yankin farko, suna taya juna a kanka, a na uku Theseus, bos ɗin yanki na uku, ya fito a kan keken yaƙi. Forced Overtime yana ƙara musu sauri, sai ka sake koyon lokacin kaucewa. Ka fara da waɗannan biyun, sannan ka ƙara Tight Deadline, wanda a matakin farko yake ba ka minti 9 a kowane yanki, don ya hana ka laɓe-laɓe. Gem ɗin na ba da kyautar mutum-mutumi a zafi 8 da 16 da 32. Wanda ya kai 32 ba ya buƙatar shawarata. Wani abin da ya sa nake son sa a garin nan: yana adana wasanka ɗaki bayan ɗaki, in an ɗauke wuta ɗaki ɗaya ka rasa.

Spelunky 2 na Derek Yu, shi ma na 2020, shi ne mafi tsanani a cikinsu, kuma mutane da yawa suna kiransa macuci. Ban yarda ba, ko da yake na fahimce su. Kana farawa da zuciya 4, bam 4, igiya 4, ba kuma wani ƙarfi da kake tarawa daga fita zuwa fita. Tarkon kibiya yana cin zuciya 2, amma sau ɗaya yake harbawa, kuma duk abin da ya gifta gabansa yake harbi. Saboda haka ka riƙe dutse ko tukunya, ka jefa ƙasa kafin ka dira. Dokar da ta kama ka ita ke kama maƙiyi da mai shago. Matsalar ita ce abubuwa suna haɗuwa: jemage ya ture ka, ka faɗa gaban tarko, kibiya ta wurga ka kan ƙaya, cikin daƙiƙa biyu an gama. In ka bi zaren baya, kusan kullum za ka tarar ka dira ne ba ka leƙa ƙasa ba. Fatalwa tana fitowa bayan minti 3 a kowane mataki, don haka ba gudu ake so ba, ba kuma zama ba. Illarsa a wajenmu ita ce ba ya adana wasa a tsakiyar fita. Ranar da na fara yin nisa sosai a cikinsa aka ɗauke wuta, na zauna cikin duhu da hannun gem a cinya. Tun daga ranar ba na kunna shi sai in ina kan inbata ko an tayar da janareto.

Returnal da za ka ji ana yabo, na 2021, babu shi a PS4, sai PS5 ko kwamfuta, ka bar shi sai ka canza na'ura. Dead Cells kuwa yana nan a PS4 har da waya, amma a waya kada ka gwada matakan wuya na sama, wato na Boss Stem Cell, da yatsa a kan gilashi, ka haɗa hannun gem.