Famfo biyu a wata biyar: a gyara fanka mai ruwa ko a saya sabuwa?

Tambaya: Malam, ina da fanka mai ruwa guda huɗu a shagona, masu tankin lita 40. Shekara biyu ke nan da sayensu, yanzu iska kawai suke hurowa babu sanyi. Soson bayansu ya yi farin ɓawo, tankin ya yi kore yana wari, ɗaya kuma na sauya mata famfo sau biyu a wata biyar. In ci gaba da zuba kuɗi a gyara, ko in sayar in kawo sababbi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sayar tukuna. Abu biyu ne ke da tsada a wannan na'ura, injin fankar da gangar jikin da ke ɗauke da tanki. Idan injin yana juyawa ba ƙara ba ƙauri, tankin kuma ba ya yoyo, jarinka yana nan daram. Soso da famfo dama kayan ƙarewa ne. Sai dai in ka sauya su ba ka sauya yadda ake tafiyar da ruwan ba, kuɗin zai sake bin na baya, kuma sababbin fankoki ma haka za su ƙare.

Ga abin da ke faruwa a tankin. Na'urar tana sanyaya iska ne ta hanyar mayar da ruwa tururi a jikin soso. Ruwan ne kaɗai ke tashi, gishirin ma'adinan da ke narke a cikinsa, wato kalsiyam da magniziyam, a tanki yake zama. Mu ɗauka kowace fanka tana shan lita 5 a awa, kana kunna ta awa 8, lita 40 ke nan a yini. Yaron shago yana ƙara ruwa kullum amma ba ya zubar da na ciki. A kwana shida an ƙara lita 240 a kan 40 na farko, gishirin lita 280 ya taru a cikin lita 40, ƙarfinsa ya ninka sau bakwai. Daga nan ruwan ba zai iya riƙe shi ba, sai ya ajiye shi a kan soso, cikin ramukan bututun da ke rarraba ruwa a sama, da kan ƴar farfelar da ke cikin famfo. Idan ruwanka mai nauyi ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki da sauƙi, abin ya fi haka sauri.

Don haka ina kyautata zaton famfunan da ka zubar ba duka ne suka ƙone ba. Nan gaba in ɗaya ya tsaya, cire wuta, ɗaga shi, ɓalle murfin gabansa ka zaro farfelar. In ta yi ɓawo ta ƙi juyawa, jiƙa ta a ruwan ɗumi da garin sitirik asid, kamar giram 30 a lita ɗaya, na tsawon awa guda, ka goge da tsohon buroshi. Sau da yawa zai tashi. Wanda ya yi aiki alhali tanki babu ruwa shi ne ba ya dawowa, domin ruwan da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Za ka ga robarsa ta kumbura ko tana ƙauri.

In dole sai sabo, kada ka saya da ido. Karanta jikin tsohon: ƙarfin wutar da yake ɗauka, `Qmax` wato yawan litar da yake turawa a awa, da `Hmax` wato iyakar tsayin da zai iya kai ruwa. A kan wannan na ƙarshe mutane ke faɗawa rami. A daidai wannan tsayi ruwan kusan ba ya fita, saboda haka in daga tanki zuwa saman soso mita ɗaya ne, famfo mai `Hmax` mita ɗaya bai yi maka ba, nemi wanda ya ɗara sosai. Ka duba kuma bakinsa ya dace da tiyon.

Soso kuwa, kunna famfo kaɗai na minti goma ka leƙa baya. In ka ga layi-layi a bushe, fara zargin ramukan sama, ka tsokale su da siririyar waya. In ruwa na sauka ko'ina amma ɓawo ya toshe ƙofofin har haske ba ya ratsawa, ko takardar ta yi laushi tana zubewa, ya gama aiki. Mai zaren itace akan sauya shi duk shekara. Mai tauri, mai ƙirar saƙar zuma, yana iya kai shekara uku zuwa biyar in ya sami kulawa. Auna tsayi da faɗi da kauri kafin ka saya, ya shige cif, domin iska za ta bi duk ƴar kafar da ta samu ta shigo da zafinta. In akwai kibiya a gefensa, bi ta. Bayan ka ɗora, bar famfo ya wanke shi ba fanka, ka zubar da ruwan farko saboda kumfa da warin sabunta.

Shawarata ta kuɗi: gyara guda ɗaya tak da farko. Sa ma'aunin zafi a bayanta da gabanta ka rubuta tazarar, ka gwada da sauran ukun a lokaci guda, tun da ranar da iska ke da laima ko sabuwar fanka ba ta yin abin kirki. In bambancin ya fito, gyara sauran. Wadda kuɗin gyaranta ya haura rabin kuɗin sabuwa, ko injinta ya fara ciwo, a ajiye ta a riƙa cirar kayan gyara. Sannan ka raba kuɗin soso huɗu da famfo ɗaya a kan makonni 52, ka riƙa ware wannan duk mako. Famfo ɗaya ya zauna a durowa, kada ka neme shi ranar da kowa ke nema.

Sai kiyayewa, wadda kusan kyauta ce. A buɗe toshiyar ƙasa a zubar da ruwan kaf duk kwana biyu, ko kullum in ruwan mai nauyi ne, a goge tankin sau ɗaya a mako. Gansakuka haske take so da danshi mai ɗorewa da ƙurar da ke taruwa a ƙasan tanki, don haka a kauda bayan fankar daga rana, kuma rabin awa kafin tashi a kashe famfo a bar fanka ta busar da soso. Sau ɗaya a yini ya isa, domin duk bushewa tana barin ɗan gishiri, yawan kashewa da kunnawa ɓawo yake ƙarawa. Kada a zuba bilic a ruwan da fanka ke aiki da shi: yana cin takardar soso, kuma abokan cinikinka ne za su shaƙa. Haɗa shi da asid kuwa haramun ne a shagon nan, iskar kulorin mai guba yake fitarwa. In tankin ƙarfe ne, kada asid ya daɗe a ciki, a ɗauraye sosai.

Ka ba mutum ɗaya wannan aiki da sunansa, ka manna takarda a jikin kowace fanka ya riƙa rubuta ranar da ya zubar da ruwa, kai kuma ka duba ta duk ƙarshen mako.