Zamewa ko juyi a jifan dalma?

Tambaya: Malam, ina jifan dalma a makarantarmu ta Ringim. Zamewa zan koya ko juyi?

Amsa: Ɗana, fara da zamewa. Ka juya wa filin baya, ka zame da ƙafa guda a miƙe, sannan ka tunkuɗa. Saurin iyawa gare ta, dogo mai ƙarfi ya fi morarta. Juyi kuwa kewayawa ɗaya da rabi ne cikin da'ira mai faɗin mita 2.135, ƙarin gudun da yake bayarwa ya sa gajere mai zafin nama ke sonsa, da shi ma Ryan Crouser, gwanin jifan dalma na Amurka, ya jefa mita 23.56 a 2023. Amma fa taku ɗaya ya kuskure, sai ka tsinci kanka waje. A turɓayarmu ta Jigawa, ba daɓen siminti, ƙafa nutsewa take wajen juyawa.